Yadda ake rubuta sakin layin farko na CV ga ma'aikaciyar jinya mai neman aiki a asibitocin waje

A farkon 2025 wata ƙanwata a aiki ta same ni gida nan Damagaram bayan sallar la'asar, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Majo, don Allah duba mini. Wuri bakwai na aika dosiyena, ko amsa ɗaya ban samu ba." Asibitocin Saudiyya take nema, sashen yara. Na duba saman CV ɗinta, wurin nan da ake rubuta layi huɗu ko biyar ƙarƙashin suna, wanda a Faransanci ake sa wa kan magana `Profil`, a Ingilishi kuma `Professional Summary`. Abin da ta rubuta, in an mayar da shi Hausa, shi ne: ma'aikaciyar jinya mai himma, mai haƙuri da marasa lafiya, mai son aiki tare da jama'a, ta yi shekara takwas tana aiki, tana neman wurin da za ta ƙara ilimi.

Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin na san yarinyar nan. Na sha ganinta da ƙarfe uku na dare tana samo jijiya a hannun yaron da tamowa ta tsotse, wanda mutum biyu suka gwada suka kasa. Ko alamar wannan babu a cikin abin da ta rubuta. Mai sayar da atamfa a kasuwar Dole ma zai iya ɗaukar layukan nan ya sa a tasa takarda, su dace da shi. Abin da muka yi ni da ita cikin kwana uku shi ne zan bi da ku daki-daki. Zan riƙa cewa "ke", don mata ne suka fi zo mini da wannan, amma anfirmiye namiji ma hanyarsa ke nan.

Da farko, ki san wa zai karanta

Wadda za ta buɗe takardarki a Jidda ko Doha ko Montreal ba ta taɓa taka Nijar ba. Ba ta san mene ne CSI, ƙaramin asibitinmu na unguwa ko ƙauye, ba, ba ta san CRENI, sashen masu tamowa mai tsanani, ba, ba ta san abin da watan Satumba yake nufi a ɗakin yara na ƙasar Damagaram ba. Takardu ne jibge a gabanta, kuma tambaya huɗu take neman amsarsu kafin ta yanke ko za ta gangara ƙasa: mene ne matsayinki a takarda, shekara nawa kika yi kuma a wane ɗaki, me hannunki ya iya, wace shaida kike riƙe da ita wadda ba ta mutu ba. Sakin layin nan amsar waɗannan ne kawai. Kalma sittin zuwa casa'in sun isa, jimla huɗu zuwa shida.

Akwai kuma mai karatu na biyu, wanda yawancin ƴan'uwanmu ba sa tunawa da shi. A Saudiyya ba ki taɓa majinyaci sai hukumar SCFHS mai kula da ma'aikatan lafiya ta yi miki rajista ta shafinta na Mumaris Plus, kuma kafin nan kamfanin DataFlow zai tuntuɓi lakwal ɗin da ta ba ki difilom da asibitin da kika ce kin yi aiki, ya tambaye su da kansa ko gaskiya ne. Haka ake yi a Daular Larabawa da Katar. Saboda haka duk abin da kika faɗa a saman CV, ki ɗauka wata rana za a ɗora shi kan takarda mai hatimi a ga ko sun yi daidai.

Mataki na ɗaya: baza takardu a tabarma kafin ki rubuta ko kalma guda

Na ce wa ƙanwata ta koma gida ta kwaso komai: difilom, takardun shaidar aiki, kwantiragi, da duk wata atestasiyo ta horo. Washegari muka baza su, muka jera bisa kwanan wata. A nan shekara takwas ɗinta ta fara raguwa.

Ta samu difilom a watan Yuli na 2017. Daga Oktoba 2017 zuwa Disamba 2018 ta yi aikin sa-kai a wani CSI, amma ba wanda ya ba ta takarda, kuma majon wurin, wato shugabansa, an daɗe da canza shi. Daga Maris 2019 zuwa Fabrairu 2025 tana wani asibitin gunduma da kwantiragi, da takardar shaida mai sa hannu da hatimi. Ita ta ƙirga ne tun daga sitaj ɗin shekarar ƙarshe ta makaranta, shi ya sa ta samu takwas. Amma sitaj karatu ne, ba a lissafa shi cikin shekarun aiki. Aikin sa-kai kuwa aiki ne na gaske, na san wahalarsa, sai dai in babu takarda babu mai iya tabbatar da shi. Abin da ya rage mata mai ƙafa shekara shida ne cif.

Ranta ya ɗan ɓaci. Ta ce, "Majo, wata goma sha biyar fa na yi ina tashi da asuba ba ko dala." Na ce na sani, kuma in ta samu wanda ke riƙe da wurin yanzu ya duba rajista ya rubuta mata shaida, sai mu ƙara su. Kafin nan shida za mu rubuta. Tallar aiki a ƙasashen Larabawa yawanci shekara biyu bayan difilom take nema, to shida mai shaida ta fi ƙarfin abin da ake buƙata. Takwas da za a bincika a tarar da shida kuwa, ita ce ke sa a fara shakkar sauran maganar duka.

Tun kuna kan tabarmar, ki duba yadda aka rubuta sunanki a kowace takarda. A wurinmu abu ne sananne a ga takardar haihuwa da rubutu ɗaya, difilom da wani, fasfo ya sa sunan uba a gaba. CV ya bi fasfo harafi da harafi, bambancin sauran kuma ki fara neman takardar da ke shaida mutum ɗaya ne tun yanzu.

Mataki na biyu: jimlar farko, sunan matsayinki

Jimlar farko ta ɗauki abu uku: sunan difilom, yawan shekaru, da fannin. A nan akwai rami guda da nake so ki gani da kyau. A Faransanci `Licence` digiri ne na shekara uku bayan BAC. A Ingilishi `license` izinin yin aiki ne daga hukuma. In kika bar wayarki ta fassara miki, sai mai karatu ya ɗauka kina da izinin aiki alhali digiri kike nufi, ko ya ɗauka ba ki da digiri alhali kina da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a Saudiyya matakin da za a ɗora ki, ko `Nurse Specialist` ko `Nursing Technician`, ya dogara ne kan irin karatun da kika yi, albashi kuma yana bin matakin.

Hanyar da na fi amincewa da ita: ki rubuta sunan difilom yadda yake a jikin takardar, `Infirmier Diplômé d'État` ko `Licence en sciences infirmières` ko duk abin da aka buga, ki faɗi shekarun karatun da sunan ƙasa. Kada ki naɗa wa kanki `BSN`, sunan digirin jinya a tsarin masu Ingilishi. Auna difilom aikin hukumar can ne, kuma za ta nemi fassarar mai fassara da aka rantsar, tare da takardar makin darussa da sa'o'in sitaj. Haka kuma kada ki rubuta cewa kina da rajistar wata ƙasa alhali dosiye kawai kika buɗe. In kin fara, ki faɗi daidai inda kika tsaya: an gama binciken DataFlow, ko an ci jarrabawar neman rajista ta Prometric a wata kaza. Wannan ma yana da daraja a wurin mai ɗauka, don yana nuna mata watannin da ba za ta jira ba.

Mataki na uku: mayar da ɗaki zuwa abin da ake ƙirgawa

Nan ne zuciyar aikin, nan muka fi daɗewa. "Na yi aiki a sashen yara" ba ta faɗi komai ba, domin sashen yara mai gado takwas da mai gado sittin duk sunansu ɗaya. Na yi wa ƙanwata tambayoyi ina rubutawa. Gado nawa ne a ɗakin? Ta ce arba'in. In damina ta yi nisa, masassarar cizon sauro da tamowa suka haɗu tsakanin Agusta da Oktoba, yara nawa ake kwantarwa? Ta ce ana kaiwa casa'in, biyu ko uku a gado. A gardin dare yara nawa ke hannunki ke kaɗai? Ta ce goma sha biyar zuwa ashirin. Shekarunsu? Daga wata ɗaya zuwa shekara biyar ne suka fi yawa. Sai muka raba shekara shida ɗin: huɗu a ɗakin yara, daga Maris 2019 zuwa Fabrairu 2023, biyu a CRENI, wurin da ake kwantar da masu tamowa mai tsanani wadda ta haɗu da wata cuta.

Adadin da ba ki da tabbas a kansa kada ki ƙago shi. Ki nemi izinin majonki ki buɗe rajistar sarbis, ki ƙirga wata uku, ki raba. Ita ta ƙirga ƙarin jinin da ta sa hannu a kai a Agusta da Satumba da Oktoba na 2024, ta samu saba'in da biyar, wato ashirin da biyar a wata. Adadi kawai ake ɗauka daga rajista. Sunan yaro ko hotonsa ba ya fita daga asibiti, kuma na roƙe ku, ku daina haɗa hoton majinyaci a dosiye don nuna aiki. A can babban laifi ne, a nan ma cin amana ne.

Sai ki zaɓi aiki uku ko huɗu da hannunki ya fi ƙwarewa a kai, waɗanda kuma tallar ta ambata. Jerin nata ya kai goma sha biyu. Muka tankaɗe muka bar tantance yara a ƙofa don a gane wanda ba zai iya jira ba, sa allurar ƙarin ruwa a jijiyar ƙananan yara, ƙarin jini da sa ido a kansa, da ciyarwa ta tiyon hanci da madarar F-75 da F-100. Sauran suka gangara cikin jikin CV, inda akwai fili.

Abu uku ke ɓata wannan jimla, kuma dukkansu na gan su da idona.

Na farko sunayenmu na gida. CRENI ba ya nufin komai ga wanda ba ya cikin tsarinmu. Ki bayyana shi da abin da ake yi a ciki. A Ingilishi sunan da aka saba da shi shi ne `inpatient therapeutic feeding centre`. Haka `major` ɗinmu, in aka bar shi yadda yake, mai karatun Ingilishi muƙamin soja zai gani. Shugabar ɗaki ita ce `Head Nurse`, wadda ke riƙe da gardi guda kuma `Charge Nurse`. Shi kansa gardin `night shift` ne in na dare ne.

Na biyu ya fi haɗari. Muna kiran ɗakin da muke tara yaran da suka fi jigata `soins intensifs`, waya kuma za ta mayar miki da shi `ICU`. To a asibitin Riyad `ICU` yana nufin injin da ke yi wa majinyaci numfashi, da tiyo a cikin manyan jijiyoyi, da magungunan riƙe hawan jini da ake ɗigawa da famfo, ma'aikaciya ɗaya kan majinyaci ɗaya ko biyu. In ɗakinki na'urar tace iskar oksijin yake da ita, da abin auna oksijin na yatsa, da abin auna sukari, to ba shi ba ne. In kika rubuta `ICU`, tambaya ta biyu a ganawa za ta kasance kan saitin injin numfashi, kuma a nan maganar za ta tsaya. Ki ce ɗakin kulawa ta kusa, `high-dependency`, ki ambaci kayan da kika taɓa da hannunki. Babu kunya a ciki. Wadda ta riƙe yaro mai sanƙarau ko mai suman masassara da waɗannan ƴan kayan ta koyi karanta majinyaci da ido, abin da na'ura ba ta koyarwa.

Na uku iyakar aiki. A CSI na ƙauye anfirmiye ne ke duba majinyaci, ya faɗi cuta, ya rubuta magani, domin babu likita. Wannan gaskiyarmu ce, amma a asibitocin da kike nema ma'aikaciyar jinya ba ta rubuta magani. In suka ga "ina duba marasa lafiya ina rubuta musu magani" a saman takarda, abin da zai zo musu shi ne mace da za ta ƙetare iyaka. Ki faɗi yadda abin yake: kina aiki bisa ƙa'idar jinya ta ƙasa, kina tura wanda ya fi ƙarfin wurin zuwa asibitin gunduma. Haka maganar yara ashirin a hannun mutum ɗaya. In kika ajiye adadin shi kaɗai, wani zai karanta shi a matsayin aikin gaggawa marar inganci. Ki haɗa shi da tantancewa, ya nuna kin san wanda za ki fara taɓawa.

Mataki na huɗu: tankaɗe takardun horo

Ƙanwata ta zo da atestasiyo goma sha ɗaya. Duk wanda ya yi aiki a jihar nan ya san yadda suke taruwa: horon kwana uku a nan, na kwana biyar a can, kowanne da takardarsa. Muka kasa su kashi uku.

Kashi na farko shaidar da ake jarrabawa kafin a bayar, mai ranar mutuwa, wadda kuma ake iya bincika. Su ne shaidun farfaɗo da wanda zuciya ko numfashinsa ya tsaya: BLS na matakin farko, da PALS ga masu aikin yara, da ACLS ga masu aikin manya. Katin da ƙungiyar AHA ta Amurka ke bayarwa shekara biyu yake yi, yana da lambar da mai ɗauka zai iya dubawa a intanet, kuma ba a samunsa sai an gwada hannunki a kan mutum-mutumin koyo gaban mai koyarwa. Akwai shafuka masu sayar da takarda mai suna BLS bayan ƴan tambayoyi a waya, ba tare da gwajin hannu ba. Asibitoci da yawa ba sa karɓarta, kuɗinki ne kawai zai tafi. Wannan kashi shi ke hawa sakin layi, kowanne da wanda ya bayar da watan da zai mutu. Wanda ya riga ya mutu ba ya hawa. BLS ɗinta na Yuni 2024 ne, saboda haka muka rubuta yana aiki har Yuni 2026. PALS ba ta da shi. Ta so mu sa "ana kan hanya", na tambaye ta ko ta biya ta samu rana, ta ce a'a. Muka bar shi.

Kashi na biyu horon da ya taɓa aikin ɗaki kai tsaye, ko da ba ya mutuwa. Tana da TETU, horon tantance yara da ba su taimakon gaggawa na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda masu Ingilishi suka sani da ETAT. Tana da PCIME, wanda su ke kira IMCI, da horon kula da tamowa mai tsanani. A rubutun Ingilishi ki sa sunan da suka sani, da shekara. Biyu sun isa a sama, kuma ki kira su horo, kada ki kira su shaidar ƙwarewa.

Kashi na uku takardun halartar taro da bita ta yini guda. Waɗannan ƙarshen CV ne wurinsu, in ma an sa su. Cikin goma sha ɗaya, uku ne suka hau sama.

Harshe ma shaida yake so. "Ina jin Ingilishi sosai" ba ta da nauyi daga bakin wanda ya yi karatu da Faransanci. In kin yi jarrabawar Ingilishi ta OET ko IELTS ki sa sakamakon da watan, ki tuna shekara biyu ake karɓarsu. Hukumar NMC mai yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya, alal misali, a IELTS tana neman 7 a karatu da sauraro da magana, 6.5 a rubutu. In ba ki yi jarrabawa ba, ki faɗi matakinki ba ƙari. Kuma kada ki raina Hausa. A asibitocin Makka da Madina da Jidda, inda alhazai da mazauna masu jin Hausa ke zuwa, ma'aikaciyar da za ta iya tambayar tsohuwa inda ke mata ciwo da harshenta tana da abin da wasu ba su da shi.

Mataki na biyar: haɗawa

Na fi son a fara rubutawa da harshen da mutum ke tunani da shi, a daidaita ma'anar, sannan a mayar. Ga abin da muka samu:

"Ma'aikaciyar jinya mai difilom na ƙasa daga Nijar, karatun shekara uku, da shekara shida na aikin ɗakin yara a asibitin gunduma. Shekara huɗu a ɗaki mai gado 40 da ke kaiwa yara 90 a lokacin masassara, shekara biyu a sashen kwantar da masu tamowa mai tsanani. Tana tantancewa da riƙe yara 15 zuwa 20 a gardin dare; ta ƙware a ƙarin ruwa ga ƙananan yara, ƙarin jini har 25 a wata, da ciyarwa ta tiyon hanci. Tana da BLS na AHA har Yuni 2026, da horon ETAT na 2022 da IMCI na 2020. Tana jin Faransanci da Hausa, Ingilishi matsakaici. Tana neman gurbi a ɗakin yara."

Ki lura babu "mai himma", babu "mai haƙuri". Wadda ta karanta yara ashirin a dare guda tsawon shekaru ba ta buƙatar a gaya mata. Babu kuma maganar aure, ko yawan ƴaƴa, ko cewa kina neman wurin ƙara ilimi. Asibiti mai jinya yake nema, ki bar abin da kike fata ki samu sai an zauna ganawa. In an mayar da shi Ingilishi, al'adar rubutun ita ce a cire "ni", a fara da sunan matsayi kai tsaye, adadi kuma a rubuta shi da lamba don ido ya kama shi.

Wurin mayarwa ki ɗauko tallar aikin ki ajiye a gefe. Manyan asibitoci da kamfanonin ɗaukar ma'aikata suna amfani da manhajar da ke neman kalmomi a cikin CV kafin mutum ya gani. In tallar ta ce `pediatric ward`, haka za ki rubuta, in ta ce `IV cannulation` ko `blood transfusion` kuma kin iya, ki ɗauki kalmar yadda take. Kalmar abin da ba ki iya ba kuwa ki bar musu kayansu. Saboda wannan manhaja ne kuma bai kamata ki aika hoton CV da kika ɗauka da waya ba. Ki fitar da shi PDF daga Word, yadda ake iya zaɓar rubutun ciki.

Sakin layi ɗaya ba ya zuwa ko'ina da ko'ina. In Kebek ta Kanada kike nufi, da Faransanci za ki rubuta, sunan difilom ɗinki ba ya buƙatar fassara, amma jimlar rajista za ta koma kan inda dosiyenki ya tsaya a hukumar ma'aikatan jinya ta can, OIIQ, kuma CRENI har yanzu sai kin bayyana shi. In Faransa ce, ki sani tun kafin ki ɓata kuɗi cewa difilom ɗin jinya na wajen Tarayyar Turai ba ya ba da izinin aiki a matsayin anfirmiye, sai an bi ta makarantarsu ta IFSI. In Birtaniya ce, Nijar tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, don haka ƙa'idarsu ta hana kamfanoni zuwa farautar ma'aikata a nan, amma ke da kanki kina iya nema kai tsaye a tallar asibiti. Duk wanda ya ce miki shi wakili ne mai kai ƴan Nijar can, ya kuma nemi ki biya shi, to ki tsaya ki yi tunani.

Mataki na ƙarshe: gwaji biyu kafin aikawa

Ki buga sakin layin a takarda, ki ɗauki biro, ki ja layi ƙarƙashin kowane adadi da kowane suna. A gefen kowanne ki rubuta takardar da ke tsaya masa. Da muka yi wa nata haka, "shekara biyu a sashen tamowa" ta tsaya ba mai tsaya mata, domin takardar shaidar aikinta cewa kawai ta yi ta yi aiki a asibitin daga Maris 2019, ba ta ambaci ɗaki ko guda ba. Irin wannan takarda ce aka fi bayarwa a wurinmu, kuma ita ce ke kashe wanda ke son nuna gwanintar ɗaki. Ta koma ta nemi sabuwa mai faɗin matsayinta, da kowane sarbis da ranar shiga da ta fita, da cewa aikin cikakken lokaci ne, a kan takarda mai tambarin asibiti, da lambar waya da imel na ofis da wani ke dubawa. Wannan na ƙarshe ki kula da shi sosai, don in masu bincike suka rubuto ba wanda ya amsa, dosiye yana iya kwana watanni. Ki je da ƙafarki ki gaya wa sakataren cewa saƙo na nan tafe.

Gwaji na biyu, ki ba wanda ya iya Ingilishi amma ba ma'aikacin lafiya ba ne, malamin makaranta ya isa, ya karanta sau ɗaya ya kife takardar. Ki tambaye shi: wane ɗaki, shekara nawa, wace shaida? In ya amsa ukun, rubutun ya fita. Sannan ki sa shi ya yi miki tambaya da Ingilishi kan kowace jimla, ki amsa da baki. Da aka tambayi ƙanwata abin da take yi in yaro ya fara rawar ɗari da zazzaɓi ana cikin ƙarin jini, amsar tana kanta sarai: a tsayar da jinin, a bar jijiya a buɗe da ruwan gishiri, a auna numfashi da bugun zuciya da zafi, a kira likita, a sake duba suna da rukunin jini a jikin ledar. Da Faransanci ta zubo shi ba tangarɗa. Da Ingilishi ta tsaya a kalma ta huɗu. Saboda haka "Ingilishi matsakaici" ya zauna yadda yake a takardar, ita kuma ta kwafe jimloli shida ɗin a ƙaramin kundi, ƙarƙashin kowace ta rubuta tambaya uku da amsarsu, tana bitarsu da ƙarfi in ta sauko daga gardi.